Farin Haƙori A Hoto: A Kashe Rawaya, Ko A Bar Mata Saura?

Masu gyaran hoto a kwamfuta, waɗanda ake kai wa hotunan biki da na suna da na 'yan takara domin su tsabtace kafin a wanke, sun yi ittifaƙi a kan cewa haƙoran mai murmushi sukan fito a hoto da rawaya fiye da yadda ido yake ganinsu a fili, kuma babu aibi a rage wannan rawayar. Inda saɓani ya shiga tsakaninsu shi ne haddin da ya kamata a tsaya. Wani sashe nasu, wanda galibinsa matasa ne masu saurin hannu, yana ganin tun da fari aka zo nema, to a ba da shi cikakke, a tumɓuke rawayar daga tushe, in ta kama ma a ɗan sa shuɗi domin farin ya ƙara fitowa. Ɗaya sashen kuwa yana ganin haƙorin da aka raba shi da rawaya baki ɗaya ya tashi daga haƙori, ko dai ya zama abin da aka shafa wa fenti, ko kuma ya ɗauki wani shuɗi-shuɗi mai sanyi wanda ba a taɓa ganinsa a bakin mai rai ba. Akwai wani dattijo a Kano da ya fara sana'ar tun zamanin da ake gyara fim da fensir, da kuma wani saurayi da ke aiki a ƙarƙashinsa, waɗanda kowannensu ya riƙe ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan biyu, kuma da hujjojinsu zan auna mas'alar, domin ban ga waɗanda suka fi su tsayawa a kan abin da suke faɗi ba.

Hujjar saurayin ta farko ta kasuwa ce, kuma ba ta da rauni kamar yadda dattawa suke so su nuna. Yakan ce, "Baba, wanda ya kawo hoton nan ba a allon bango zai fara ganinsa ba, a waya zai gani, inda duk fuskar ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba, wannan 'yar rawayar da kake tattali ba zai gan ta a matsayin fasaha ba, cewa zai yi ba mu taɓa haƙoran ba." Hujjarsa ta biyu ta fi wannan ƙarfi, domin ta shafi gaskiyar abin da kyamara take yi. Fitilun da ake kunnawa a ɗakunan biki da dama masu ɗumin haske ne, irin waɗanda ma'auninsu yake wajen 3000 K, alhali hasken rana tsaka yana wajen 5500 K. Idon ɗan Adam yakan saba da hasken ɗaki cikin ɗan lokaci har ya riƙa ganin fari a matsayin fari, amma kyamara, idan ba a daidaita ta ba, sai ta rubuta rawayar fitilar a kan riga da bango da haƙori gaba ɗaya. Saboda haka, in ji shi, yawancin rawayar da ake gani ba ta mai hoton ba ce, ta fitila ce, kuma wanda ya cire ta bai yi wa kowa ƙarya ba, hasali ma ƙarya ya kawar.

Daga nan sai ya gina ƙiyasinsa na uku, wanda shi ne asalin rigimar. Kowane ɗigo na hoto a kwamfuta lambobi uku ne suke riƙe da launinsa, R na ja, G na kore, B na shuɗi, kowacce tana tafiya daga 0 zuwa 255. Idan ukun suka yi daidai da juna sai a sami fari ko toka ko baƙi, idan kuwa B ta gaza 'yan'uwanta biyu sai a ga rawaya. Tun da rawaya a wannan lissafi ba kome ba ce illa ƙarancin shuɗi, to maganinta a ganinsa shi ne a ƙara shuɗin: ya ɗauki burushi a Lightroom, ya ja ma'aunin Temp zuwa hagu, ya ɗaga Exposure, ya bi haƙoran ya shafe. Yakan kafa hujja da masu wanki da guga, waɗanda tun kaka da kakanni suke sa bula a ruwan ɗaurayar farar riga, kuma kowa ya shaida rigar da aka yi wa bula ta fi wadda ba a yi wa ba haske a ido. Wannan ƙiyasi yana da rabin gaskiya, gama lalle ɗan shuɗi yana kashe ɗan rawaya. Sai dai mai wankin da ya san aikinsa ɗan kaɗan yake ɗigawa, kuma duk wanda ya taɓa karɓar rigarsa ta dawo shuɗiya dabbare-dabbare ya san inda ƙiyasin yake karyewa.

Dattijon ba ya musun maganar fitila, kuma wannan ne ya sa nake ganin muhawarar tasu ta cancanci a rubuta; abin da yake musu shi ne a ce duk rawayar ta fitila ce. Haƙori, kamar yadda likitocinsa suka bayyana, ba launi ɗaya ba ne. Jikinsa na ciki mai rawaya ne a halittarsa, ɓawon da ya rufe shi kuma haske yana ratsa shi, don haka launin da muke gani na cikin ne yake leƙowa ta bayan ɓawon. Kusa da dasashi, inda ɓawon yake da sirantaka, rawayar ta fi ƙarfi. A tsakiya ta fi sauƙi. A can bakin haƙori, inda kusan ɓawon ne kaɗai, sai a ga toka-toka mai ɗan ratsin haske. Fiƙa ta fi haƙoran gaba duhu da rawaya a bakin kusan kowa, matauna kuma suna can ciki cikin inuwar kumatu. Ma'aunin launi da masu dasa haƙori suka fi amfani da shi a duniya, wanda ake kira VITA, yana da launi 16, kuma ko B1, wanda ake ɗauka shi ne mafi haske a cikinsu, ba fari fat ba ne, da 'yar rawayarsa. To idan masu ƙera haƙorin roba, waɗanda suke da ikon su yi shi fari ƙal in sun so, suna sa masa rawaya da gangan domin kada a gane na roba ne, ina dalilin mai gyaran hoto na cire ta daga haƙorin Allah?

A nan ne ya kamata a rarrabe illoli biyu da ake yawan cakuɗawa, domin sababinsu daban ne, maganinsu ma daban. Illa ta farko, wato haƙori ya zama kamar an shafa masa fenti, ba daga launi take zuwa ba, daga mutuwar inuwa take zuwa. Abin da yake nuna wa ido cewa haƙori abu ne mai kauri da lanƙwasa, kuma jiƙaƙƙe da yawu, abu uku ne: siririn duhun da ke tsakanin haƙori da haƙori, da inuwar da leɓen sama yake saukarwa a kansu, da ɗan ɗigon ƙyallin da fitila take bari a kan kowane haƙorin gaba. Wannan ƙyallin lambarsa takan kai wajen 250; idan aka ɗaga jikin haƙorin kansa ya kai 245, to ƙyallin ya nutse a cikinsa, babu sauran bambanci, sai a ga farin fili shimfiɗe daga kusurwar baki zuwa kusurwar baki. Mafi saurin hanyoyin jawo wannan ɓarna su ne shafa farin launi kai tsaye da burushi, da kuma ɗaga Lightness a Hue/Saturation alhali ana kan Master, domin wannan ma'aunin yana tura kome zuwa fari, har duhun tsakanin haƙora, sai ya bar shi da hazo.

Illa ta biyu, wato shuɗi, ta fi ta farko ɓuya, domin tana iya aukuwa ko da mai gyara bai ƙara shuɗi ko ɗigo ɗaya ba. Ido ba ya hukunta launi shi kaɗai, yana hukunta shi ne da abin da ke kewaye da shi, kuma toka tsantsa idan aka ajiye ta a tsakiyar launi mai ɗumi sai ta bayyana da shuɗi-shuɗi. Haƙori kuwa a tsakiyar ɗumi yake zaune: fata, ko baƙa ce ko wankan tarwaɗa, lambobinta ja da ruwan ƙasa ne, ga leɓe, ga jan-baki idan amarya ce. Saboda haka wanda ya ja Saturation har ƙasa, ya mai da haƙori toka mai lambobi daidai wa daida, a lissafi bai sa shuɗi ba, amma mai kallo shuɗi zai gani. Wanda kuwa ya ƙara da jan Temp zuwa hagu ya tara illa a kan illa. Akwai kuma wani abu da ya shafi mutanenmu musamman, wanda darussan da ake koya daga ƙasashen Turawa ba su cika la'akari da shi ba: a fuska mai duhun fata haƙori ya riga ya zama mafi hasken abin da ke wurin, don haka ɗagawar da za ta wuce ba a lura ba a fuskar Bature, a fuskar Bahaushe ihu take yi. Ko saitin da Lightroom yake zuwa da shi mai suna Teeth Whitening, wanda yake ɗaga Exposure da 0.40 ya kuma sauke Saturation zuwa -60, dattijon yakan ce ya yi yawa ga yawancin fuskokin da ake kawo masa, sai ya rage shi.

Magana a sama ba ta yanke hukunci, don haka bari mu ɗauki hoto guda mu bi shi daki-daki. Hoton ango ne daga ƙirji zuwa sama, an ɗauke shi da dare a ɗakin biki, yana sanye da farar babbar riga, yana dariya har fiƙoƙinsa sun bayyana. Abin da dattijon yake fara yi bai shafi haƙori ba sam: yakan daidaita launin hoton gaba ɗaya tukuna, ya rage rawayar fitila daga fuska da riga da bango a tare, amma ba ya kashe ɗumin duka, domin hoton dare ne a ɗaki, kuma ɗumin yana daga cikin gaskiyarsa. Wannan mataki shi ne amsarsa ga hujjar saurayi ta biyu, cewa idan rawayar ta fitila ce, to ai ba a kan haƙori kaɗai ta sauka ba, kuma wanda ya cire ta daga haƙori ya bar ta a kan riga ya sa baki a cikin wani haske, sauran jiki a cikin wani. Bayan wannan sai ya buɗe Info a Photoshop, ya sa Sample Size a kan 5 by 5 Average domin kada ɗigo ɗaya ya yaudare shi, ya auna wuri biyu. Tsakiyar haƙorin gaba ta ba da R 214, G 196, B 160, wato tazarar 54 tsakanin ja da shuɗi. Kafaɗar rigar, inda haske ɗaya yake sauka, ta ba da R 236, G 228, B 212, tazarar 24.

Wannan 24 ɗin ita ce mizaninsa. Ma'anarta ita ce, a cikin hasken wannan hoto, abin da yake fari na haƙiƙa ma yana ɗauke da rawaya ta 24. To haƙori, wanda a halittarsa bai kai farar riga fari ba, bai halatta ya sauka ƙasa da haka ba, kuma ya fi dacewa ya tsaya sama da ita kaɗan, wajen 30. Sai ya zagaye haƙoran da Lasso, yana kauce wa dasashi da leɓe, ya ba gefen Feather na 1 ko 2 px gwargwadon girman hoton domin kada a ga layin yanka, ya buɗe Hue/Saturation, wadda za ta ɗauki zagayen nan ta mai da shi Layer Mask. A cikinta yakan bar Master ya zaɓi Yellows, ya sauke Saturation a hankali yana duban lambobi, har wajen -45. Haƙorin ya koma kusan R 203, G 192, B 171. Mai karatu zai lura cewa shuɗi ya hau, amma ja ya sauka, wato haƙorin ya rage rawaya amma ya ɗan dushe. Wannan dushewa ita ce take firgita sabon hannu har ya ruga ya ɗaga haske fiye da kima.

Maganin dushewar ɗan kaɗan ne, kuma da Curves ake yinsa a kan zagayen nan dai. Yakan kafa ɗigo ɗaya a ƙasan layin, wajen 90, ya bar shi inda yake domin duhun tsakanin haƙora kada ya motsa, sa'an nan ya kama layin wajen 190 ya ɗaga shi zuwa wajen 208. Haƙorin gaba ya tsaya kusan R 222, G 211, B 191, tazarar 31, yana ƙasa da rigar a haske, yana sama da ita kaɗan a rawaya, ƙyallin da ke kansa kuma yana nan a fili da ratar kusan talatin tsakaninsa da jikin haƙorin. Abin da ya rage shi ne aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma babu lambar da za ta yi wa mutum shi: ya ɗauki baƙin burushi mai laushi, Flow wajen 20%, ya koma kan Layer Mask yana rage ƙarfin gyaran a kan fiƙoƙi, ya ƙara ragewa a kan matauna, ya ɗan taɓa gindin haƙora kusa da dasashi, domin tsarin da Allah ya yi na haske a gaba da duhu a ciki ya dawo. Saurayin ya gyara wannan hoton ta tasa hanyar, kuma da aka auna nasa sai aka sami R 238, G 240, B 244 a haƙorin gaba, kusan haka kuma a fiƙa da matauna: shuɗi ya haura ja, haƙori ya fi rigar ango haske, kuma duk jerin launi ɗaya.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ya biyo baya, ko da bai yi wa ɓangaren da nake karkata gare shi daɗi ba. Da aka tura hotunan biyu a waya aka nuna wa waɗanda ke zaune a shagon, ba tare da an gaya musu na wane ne ba, da yawansu na saurayin suka nuna a duban farko, domin a ƙaramin allo abin da ya fi haske shi yake fara kama ido. Wani maƙwabcinsu tela, wanda bai fahimci abin da ake gardama a kai ba, ya ce shi a ganinsa duk wannan wahala ce, a gaya wa ango ya riƙe asuwaki da garin gawayi mako biyu kafin biki. Aka yi dariya, aka bar shi da shawararsa, wadda ba ta da laifi sai dai ta zo bayan an riga an ɗauki hoton. Saurayin ya ce, "To Baba, ka gani, kasuwa ta yi hukunci." Dattijon ya amsa masa da cewa, "Ɗana, ka buɗe fuskar ta cika allon, ka ba su su sake dubawa." Da aka buɗe, waɗansu suka janye zaɓinsu, suka ce bakin ya yi kama da na roba; waɗansu kuwa suka tsaya a kan bakansu, suka ce su dai farin suke so. Wannan ya nuna mini cewa hujjar kasuwa ba ta faɗi ba, ta dai raunana, kuma ƙarfinta yana raguwa ne gwargwadon yadda hoton yake ƙara girma.

Inda take faɗuwa ƙasa warwas shi ne a takarda. Wani mai wanke hotuna da ke karɓar aikinsu, wanda ba ruwansa da wace hanya aka bi, kullum kukansa ɗaya ne, cewa a kansa ake sauke laifi. A allo haske ne yake fitowa daga baya, yana ƙawata kome. A takarda kuwa babu abin da ya fi takardar kanta fari, don haka haƙorin da aka kai kusa da 255 babu launin da zai sauka a kansa, sai ya fito fili fayau a tsakiyar fuska, wanda kuma aka bar B ta haura R sai injin ya zuba masa ɗan shuɗi ba tare da rawayar da za ta tausasa shi ba. Ya ce sau da yawa akan dawo masa da babban hoto mai firam a ce injinsa ya ɓata bakin amarya, alhali abin da aka ba shi ya fitar. Ya kuma ƙara da wani abin da na ga ya dace masu gyara su riƙe, cewa allon da suke aiki a kansa ma ba shaida ne adali ba: wani allon yana karkata ga shuɗi, wani an kunna masa saitin dare mai sa shi rawaya, kuma wanda ya yi gyara a kan allo mai rawaya zai yi ta ƙara shuɗi yana zaton bai kai ba. Ido ma yana gajiya. Wanda ya ƙura wa haƙora ido a 300% na tsawon mintuna zai saba da duk abin da ya yi. Shi ya sa lambobin Info suka fi ido amana a wannan wuri, shi ya sa kuma ake komawa a ga fuskar duka, a kashe gyaran a kunna, kafin a ce an gama.

Akwai wata ƙa'ida da ta yaɗu tsakanin masu koyo, cewa kada haƙori ya fi farin ido fari. Saurayin ma ya san ta, har yakan yi mata dabara ta hanyar fara haskaka idon, sa'an nan ya bi da haƙorin, ya ce ai bai saɓa ba. Ƙa'idar tana da asali mai kyau, domin tana neman a auna haƙori da wani farin da ke cikin haske ɗaya da shi. Sai dai farin ido a wurin mutane da yawa na ƙasar nan ba fari ba ne, yana da ja ko ruwan ƙasa, ko don halitta ko don ƙurar hunturu ko don rashin barcin hidimar biki, kuma yana zaune cikin inuwar gira, don haka wanda ya bi ta ido rufe zai bar haƙori da duhu fiye da yadda ya kamata. Farar riga ta fi shi zama mizani, amma ita ma da sharaɗi: shaddar da aka yi wa bula, ko wadda aka saƙa da sinadarin ƙara haske, takan ba da lambobi masu karkata ga shuɗi, musamman a hasken rana, kuma wanda ya daidaita haƙori da ita zai faɗa ramin da yake gudu. Idan babu farin da za a amince da shi a hoton, abin da ya rage shi ne ƙa'ida mafi sauƙi, cewa a jikin haƙori R ta kasance sama da G, G sama da B, kuma tazarar R da B kada ta gaza wajen 15 ko da a hasken rana ne. Hoton da aka ɗauka a inuwa ƙarƙashin sararin sama, inda hasken kansa mai shuɗi ne, shi ma a fara ɗumama shi gaba ɗaya kafin a taɓa baki.

Sauran mas'alar da su biyun ba su daidaita a kanta ba, ni ma ban ga ta yanku ba, ita ce ta haƙoran da launinsu ya wuce rawaya. Dattijon da ya shekara arba'in yana cin goro, ko tsohuwar da ta saba goga fure, launin haƙoransu ja-ja ne mai ruwan ƙasa, kuma Yellows ba ta kama shi sosai, domin ya fi kusa da yankin Reds. Wanda bai san haka ba zai ja Yellows har -100, rawayar ta tafi, jan ya zauna, haƙori ya koma ruwan hoda. Ana iya taɓa Reds kaɗan, amma da sharaɗin zagayen ya tsabtata ƙwarai, domin dasashi da leɓe ma a Reds suke, kuma da zarar gyaran ya zuba a kansu sai su koma toka, fuskar ta yi kama da ta majinyaci. Haka nan tabon ruwan ƙasa da ruwan sha mai yawan sinadarin fuloraid yake bari a haƙoran yara, irin wanda aka sani a Tibiri ta jihar Maraɗi, rage launi ba ya gusar da shi, domin tabon ya fi kewayensa duhu, sai dai ya koma tabo mai toka. Gusar da shi yana bukatar a ɗebo daga lafiyayyen wuri a rufe, wanda wannan ya tashi daga rage rawaya ya shiga sake halittar haƙori. Saurayin yana ganin a rufe ba tare da tambaya ba, domin babu mai son a ga tabonsa a bango. Dattijon yana ganin a tambayi mai hoton, domin ya taɓa ganin 'ya'yan wani marigayi sun ƙi karɓar hoton mahaifinsu da aka gyara, suka ce wannan ba bakin babansu ba ne. A kan wushirya da haƙorin Makka kaɗai suka haɗu, cewa ba a toshe ta, ba a kuma sa shi cikin zagaye, gama zinariyar da aka rage wa rawaya azurfa take komawa.

Abin da na rinjayar, bayan auna hujjojin nan, shi ne hanyar dattijon a kan launi, ba tare da togiya ba: ƙara shuɗi da Temp a kan haƙori kaɗai kuskure ne a kusan kowane hali, domin yana canja launin duhu da haske baki ɗaya, har wuraren da ba su da rawaya tun farko, irin bakin haƙori da ƙyallinsa, alhali Yellows ba ta taɓa sai inda rawayar take. A kan haske kuwa ina ba saurayin wani abu daga haƙƙinsa. Hoton da aka san a waya zai ƙare, ko fostar da za a hanga daga tsallaken titi, yana iya ɗaukar ɗagawa fiye da wanda za a sa a firam a falo, a kai haƙorin gaba wajen 230 maimakon 222, muddin ƙyallin yana nan, fiƙa tana ƙasa da haƙorin gaba, B kuma tana ƙasa da R. Tun da gyaran a kan shimfiɗarsa yake, bai taɓa asalin hoton ba, babu abin da zai hana a fitar da kwafi biyu daga aiki ɗaya, a bar Opacity na Curves a 100% ga na waya, a sauke shi zuwa wajen 70% ga wanda za a kai wa mai wanki. Saurayin ya karɓi wannan a kan hotunan firam, amma har yanzu, idan na waya ne kuma dattijon ba ya shagon, yakan ɗan ja Temp zuwa hagu.